Shin sauya ƙofa ta 22 na hana masu kutse shiga kwamfuta?

A watan Yulin 2024, kamfanin tsaro na Qualys ya bayyana wata ɓaraka mai suna regreSSHion a manhajar OpenSSH, wadda ake amfani da ita wajen shiga kwamfuta daga nesa. Kamfanin ya ce kwamfutoci fiye da miliyan 14 da ke kan intanet na iya fuskantar haɗarin. Lamarin ya farfaɗo da tsohuwar muhawara: shin ɗauke SSH daga ƙofarsa ta asali na ƙara tsaro?

Kowace kwamfuta na da ƙofofin sadarwa masu lambobi har zuwa 65535, kuma tun 1995 aka ware wa SSH lamba ta 22. Don haka manhajojin masu kutse ke yini suna ƙwanƙwasa wannan ƙofa, suna gwada sunaye irin su root da kalmomin sirri masu saukin cinka.

A ɗauki misalin mai kula da kwamfutar wani kamfani da ya buɗe `sshd_config` ya rubuta `Port 2222`. Yawanci zai ga yunƙurin shiga ya ragu sosai a rajistar kwamfutar, domin akasarin waɗannan manhajoji ƙofa ta 22 kaɗai suke dubawa. Wannan riba ce, tunda idan hayaniya ta ragu, an fi saurin gane harin gaske.

Sai dai wanda ya nufi kamfanin takamaimai ba zai sha wahala ba. Umarni ɗaya ya ishe shi:

```
nmap -p- -sV example.com
```

Umarnin zai bi ƙofofin ɗaya bayan ɗaya, kuma da ya isa ta 2222, manhajar da kanta za ta amsa da `SSH-2.0-OpenSSH` haɗe da lambar sigarta. Idan sigar na da ɓarakar regreSSHion, sabuwar lambar ba ta toshe komai ba.

Akwai kuma wata illa. A tsarin Linux, babban mai iko da kwamfuta ne kawai ke iya buɗe ƙofar da ke ƙasa da 1024. Ta 2222 kuwa kowane mai asusu a ciki na iya kama ta idan SSH ya tsaya, ya kafa na bogi yana tattara kalmomin sirrin waɗanda suka yi biris da gargaɗin da ke fitowa.

Abin da ke rufe ƙofar da gaske shi ne rubuta `PasswordAuthentication no` domin a koma shiga da mabuɗin sirri kaɗai, da taƙaita adireshin da aka yarda su haɗu, da kuma sabunta manhajar. An gyara regreSSHion ne a siga ta 9.8, kuma kwamfutar da ba ta samu gyaran ba na cikin haɗari, ko a wace lamba ƙofarta take.