Kifi Da K Yake Farawa: Kafin Mu Ba Yaron Nazare Takardar Haɗa Harafi Da Hoto



Kwanakin baya wata 'yar uwarmu da ke koyarwa a wata ƙaramar makarantar nazare a Magajin Gari, cikin garin Birnin Gwari, ta nuna mana takardun aikin ɗalibanta. Irin takardar nan ce da ake jera haruffa a hagu, hotuna a dama, a ce yaro ya ja layi daga harafi zuwa hoton da sunansa ya fara da wannan sauti. A intanet aka samo ta, aka buga a shagon fotokwafi. Wata yarinya 'yar shekara biyar ta ja layi daga hoton kifi zuwa harafin k, aka sa mata jan biro, domin wanda ya tsara takardar da Turanci yake tunani, kuma a Turanci sunan kifi da f yake farawa. Yarinyar nan ta ji sautin farko na kalma, ta gane harafinsa, ta haɗa su daidai. Abin da ake son ta koya ke nan, kuma a kansa aka ce ta faɗi.

Ra'ayinmu shi ne, takardar farko da za a ba yaron da ya tashi da Hausa a bakinsa, da Hausa ya kamata a gina ta, kuma mu masu rubutu da Hausa ya kamata mu sa hannu. Wahalar aikin tana wajen zaɓen kalma, zaɓen kalma kuwa sana'armu ce.

Mu fara da dalilin da ya sa takardar aro ba ta zama. Tsarin Jolly Phonics, wanda makarantu da yawa a Nijeriya ke bi, yana farawa da haruffa shida: s, a, t, i, p, n. An zaɓe su ne don a iya haɗa gajerun kalmomin Turanci da su, kuma don wannan manufa zaɓin ya yi. Amma p ba ya cikin abacadan Hausa. Harafin c da yaron Turanci ke furtawa kamar k, mu shi ne farkon cokali da ciyawa. Sunayen wasulan Turanci ma tarko ne: ana kiran a da "e", ana kiran e da "i", ana kiran i da "ai". Yaron da ya haddace waɗannan sunaye, in aka nuna masa "mama", sai ya ce "em, e, em, e", ya tsaya yana kallon malama. Sannan babu ɓ, ɗ, ƙ da 'y a takardar aro, alhali tun shekarun 1930 haruffa masu lanƙwasa suka shiga rubutun boko a Zariya, zamanin Rupert East. Ba mu ne farkon masu wannan tunani ba. Shirin RANA a Katsina da Zamfara, da littattafan "Mu Karanta!" a Bauchi da Sakkwato, duk da Hausa suka fara koyar da karatu.

To, bari mu tsara takarda ɗaya tare, daga farko har ƙarshe.

Matakin farko zaɓen haruffa. Huɗu sun isa: wasali ɗaya da baƙaƙe uku. Mun ɗauki a, k, m, z. Mun duba abu biyu. Na ɗaya, siffofinsu ba sa kama da juna, don haka idon yaro ba zai rikice ba. Na biyu, da su kaɗai ana iya rubuta kalmomin da yaro ya sani: mama, kaka, kaza, maza, kama. Haruffan da ba sa haɗuwa su ba da kalma, yaro zai haddace su ne kawai kamar waƙa. Kada b da d su haɗu a takardar farko, domin ƙananan yara kan juya su. Haka k da ƙ, ko d da ɗ: sai an koyar da kowane shi kaɗai, ya zauna, sannan a haɗa su a takarda ɗaya, inda kare zai tsaya kusa da ƙofa, doki kusa da ɗaki.

Mataki na biyu shi ne hoto, kuma a nan ne mafi yawan takardu ke lalacewa. Ƙa'idar ɗaya ce: hoton da yaro zai kira da suna ɗaya tak. A ce muna son harafin n, muka zana nono. Me za a zana? Ƙwarya. Yaro zai ce ƙwarya, ko ya ce fura. Muka koma nama, ya ce tsire. Muka zana kaza don k, in tororonta ya ɗan yi tsawo ya ce zakara, ya ja layi zuwa z, kuma ya yi gaskiya. Kyanwa tana da suna biyu, wani gida a ce mage. Saniya, wani yaro zai ce shanu. Babur, yara da yawa mashin suke ce masa.

Akwai kuma tarkon baƙaƙe masu goyo. Tsuntsu ba ya shiga layin t, domin ts sauti ne dabam. Shinkafa ba ta shiga layin s. Kwando da kyanwa ba su dace da darasin k na farko ba, haka ƙwai a darasin ƙ. Mu manya idonmu ke ganin harafin farko a rubuce, shi kuwa yaro da kunne yake aiki.

Bayan tacewa, ga abin da ya rage mana: ayaba don a, kifi don k, masara don m, zomo don z. Sai mu ƙara hoto na biyar, jaki, wanda ba shi da abokin haɗi. Dalili kuwa, in haruffa huɗu ne hotuna huɗu, yaron da ya samu uku zai samu na huɗun a banza, malama ta ɗauka ya sani. A gaya wa yara tun farko cewa akwai hoto ɗaya da zai kwana ba layi.

Akwai abin da ya shafi wurinmu musamman. Yara da yawa a cikin garin Birnin Gwari iyayensu sun baro ƙauyuka ne a shekarun da 'yan bindiga suka addabi yankin. Bindiga kalma ce mai sauƙin zane, da b take farawa, kowane yaro ya san ta. Kada ta shiga takarda. Ko babur ma, ban da matsalar suna biyu, akwai yaron da ƙarar babura ke tuna masa ranar gudu. Ga bokiti, ga biri, sun wadatar da harafin b.

Mataki na uku shimfiɗa shafi. Fuskar takarda ɗaya ta A4. Ƙananan haruffa za a sa, domin su yaro zai fi cin karo da su a littafi, kowane ya kai tsayin gaɓar babban yatsa. Kada wani harafi ya zauna daidai da hotonsa. Kada a rubuta suna a ƙarƙashin hoto, in ba haka ba yaro zai kwatanta siffa da siffa ne ba tare da ya furta komai ba. Zanen ya zama na layi zalla, ba inuwa ba launi, domin injin fotokwafi yakan mayar da hoto mai launi baƙin dunƙule, masara ta koma kamar itace. A lura da salon harafi kuma. A wasu salon na kwamfuta, a da g ba sa kama da yadda malama ke rubuta su a allo, wasu kuma ba su da ƙ da ɗ, sai su fito kamar ɗan akwati. Akwai salon Andika na kyauta, wanda aka yi don masu koyon karatu, yana da haruffanmu masu lanƙwasa. In babu, rubutun hannu da baƙin alƙalami mai kauri ya fi. A buga kwafi ɗaya a duba lanƙwasar kafin a buga arba'in.

A ƙasan shafin a ja layi, a rubuta gaɓoɓi uku: ka, ma, za. Ƙarƙashinsu kalma biyu, mama da kaza. Wannan sashe ne ke mayar da wasan layi ya zama karatu, domin yawancin gaɓoɓin Hausa baƙi ne da wasali, kuma yaron da ya iya haɗa k da a ya kama bakin zaren. Rubutunmu ba ya nuna tsawon wasali, saboda haka malama ce za ta furta kalmar yadda ake faɗinta a gida, yara su bi ta.

Mataki na huɗu gwaji, kuma shi ne wanda ba ma so a tsallake. Kafin a buga, a rufe haruffan, a nuna wa yara goma hotunan ɗaya bayan ɗaya, a tambaye su: mene ne wannan? Ƙa'idar da muka ɗora wa kanmu ita ce, in biyu cikin goma suka kira wani suna, hoton ya fita. A saka yaran ƙauye da na cikin gari a gwajin, da yaran da Fulatanci ko Gwaranci ake yi a gidansu in akwai su a ajin.

In takardu sun dawo, kafin jan biro a tambayi yaro sunan abin da ya gani. In yara da yawa sun yi kuskure a hoto guda, laifin takarda ne. In layukan yaro duk sun miƙe daga hagu zuwa dama, bai gane aikin ba, sai a sake yin misali a allo. In ya faɗi "masara" daidai amma ya kai layin z, to sauti da harafi ne ba su haɗu ba tukuna. In kuwa ya samu huɗun duka amma ya kasa karanta "ma", ya san haruffa, haɗa su ya rage masa. Kowanne da maganinsa, kuma maki "biyu cikin huɗu" ba ya gaya wa malama ko ɗaya.

Mun san abin da za a ce. Iyaye sun biya kuɗin nazare ne don su ji ɗansu yana Turanci, mai makaranta kuma yana tsoron a kwashe yara. Wannan damuwa gaskiya ce, ba ma raina ta. Amma sautin k, m da z ɗaya ne a harsunan biyu. Yaron da ya gane cewa harafi sauti yake wakilta ya gane ke nan, ba sai an sake koya masa ba ranar da ya buɗe littafin Turanci. Abin da muke roƙo kawai, kada a cakuɗa harsuna biyu a shafi ɗaya: takardar Hausa dabam, ta Turanci dabam, a gaya wa yaro da wane harshe ake wasa yau.

Ga aikin wannan mako. Kowa ya ɗauki baƙi ɗaya, ya nemo kalmomi uku da za a iya zanawa, ya gwada su a kan yaran gidansu, ya kawo mana wadda ta tsira da wadda ta faɗi da sunan da yaran suka kira ta. Mu mun riga mun makale a harafin n, muna jiran wanda zai fitar da mu.