Minti Biyar Ɗin Na Ƙarshe Ma Minti Biyar Ne



Ranar 5 ga Yuni, wato Ranar Muhalli ta Duniya, mu huɗu aka zaɓa mu yi bayani a kan kwararowar hamada a ƙasarmu ta Zango. An ba mu minti 25: kowa minti 5, sauran 5 ɗin na tambayoyi. An aro majigi da kwamfuta, aka tayar da janareta. Ni ne na uku, kuma na samu lokacina cif. Ba don kaina nake wannan rubutu ba, don wadda ta zo bayana ne.

Ga yadda lissafin ya tafi, domin akwai wanda ya riƙa rubutawa a bayan littafinsa. Na farko ya zo da shafi 14 na majigi, ya ci minti 8. Aka ɓata minti 2 wajen cire filashinsa a sa na mai bi masa. Na biyu ya ci minti 6. Canji ya sake cin minti 1, na yi nawa 5, wani canjin ya ci 1. Ku tara: minti 23. Yarinyar da ta kwana biyu tana ɗaukar hotunan shuke-shuken darbejiya da awaki suka cinye sai ta samu minti 2. Tana shafi na biyu aka kaɗa ƙararrawa. Tambaya ko ɗaya ba a yi ba.

Ku lura da abu guda. Minti 8 ne suka salwanta, amma rabinsu kaɗai masu wuce lokaci suka ci. Sauran rabin canjin filashi ne ya cinye, kuma wannan ba laifin bakin kowa ba ne. Maganinsa mai sauƙi ne: tun ana gobe taro a haɗa shafukan kowa cikin fayil ɗaya, a jere yadda za a yi magana, a sa shafi mai sunan kowane mai bayani a farkon rabonsa. Mutum ɗaya wanda ba ya cikin masu magana shi zai zauna gaban kwamfutar.

Sai yawan shafuka. A ganina kada kowa ya wuce biyar. Na farkonmu ya ce ai shafukansa hotuna ne, ba sa cin lokaci. Suna ci mana! Shafi 14 cikin minti 5 yana nufin kowane shafi daƙiƙa 21 ke nan, alhali na ga ya tsaya a kan hoton rairayi guda fiye da minti ɗaya. Da ya gwada a gida da agogo, da tun can ya gane.

Malaminmu na kwamfuta ya ba mu labarin wani tsari mai suna Ignite da aka fara a birnin Seattle na Amurka a 2006. Mai magana yana da minti 5 da shafi 20, kuma kowane shafi yana wucewa da kansa bayan daƙiƙa 15. Ko ka gama ko ba ka gama ba, majigi ba ya jiranka. Ya nuna mana yadda ake yi a PowerPoint: a shiga Transitions, a cire alamar On Mouse Click, a sa alama a After, a rubuta lokacin. Daƙiƙa 15 ta yi mana sauri, mu da wani lokaci sai mun faɗi abu da Turanci mu maimaita da Hausa. Amma shafi biyar, kowanne minti ɗaya, wannan za mu iya.

Wani abokina ya ce inji ba shi da tausayi, idan mutum ya ruɗe fa? Gaskiyarsa. To a bar mai danna kwamfuta ya riƙa dannawa, amma a naɗa mai riƙe agogo ya zauna a gaba inda mai magana zai gan shi. A minti na 4 ya ɗaga takarda, a minti na 5 ya miƙe tsaye. Kuma kada a ba ƙaramin ɗalibi wannan aiki idan ɗan babban aji ne ke magana, kunya ba za ta bar shi ya miƙe ba. Malami ya kamata ya riƙe.

Roƙona ga ƙungiyarmu ta 'yan jarida shi ne, a taro na gaba a jefa ƙuri'a wajen jera masu magana, sannan a ba wannan 'yar uwa tamu minti 5 ɗinta ta nuna hotunan da ba mu gani ba. Har yanzu suna nan cikin filashinta.

Daga wani ɗalibin aji biyu, ƙaramar sakandare