Shinkafar suna da lissafin awa biyu

Yaranmu masu karatun kiwon lafiya da na girki suna ƙorafin cewa jarrabawa ta cika tambayar digiri da awa: abinci zai yi awa nawa a ajiye, a cikin awa nawa zai huce? Mu dai muna ganin masu tambayar suna da gaskiya, don amsar tana cikin tukunyarmu ta suna.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙe dafaffen abinci sama da digiri 60 ko ƙasa da digiri 5, kuma kada ya wuce awa biyu a ajiye haka nan. Tsakanin waɗannan biyun ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa, sun kuma fi sauri a wajen digiri 37, ɗumin jikin mutum. To, a bazara inuwar zaurenmu ma kusan haka take. Idan suka samu yadda suke so, duk minti 20 sai su ninka.

Mu ɗauki shinkafar suna. An sauke ta da hantsi, an juye a babbar roba an rufe. A ce da sha biyu na rana ta sauko ƙasa da 60, baƙin nesa kuma suka ci da shida na yamma. Awa shida ke nan, ninki 18. Ƙwaya 100 za ta iya haura miliyan 26.

Wani zai ce ai an dafa, daga ina ƙwayar ta fito? Akwai wadda ake kira Bacillus cereus, irinta na jure tafasa, ya farfaɗo idan shinkafa ta fara hucewa. Dafin da take zubawa ɗumame ba ya kashe shi, kuma sau da yawa hanci ba ya jin komai. Sai dai cikin 'yan awoyi a ga waɗanda suka ci kwano ɗaya suna ta amai.

Shi ya sa jarrabawa ke tambayar lokaci, don ido da hanci ba sa bayar da shaida. Dokar gidajen abinci ta Faransa ma cewa ta yi a saukar da abinci daga 63 zuwa 10 cikin ƙasa da awa biyu. Babbar tukunya ba ta iya wannan, ko an sa ta a firji, saboda tsakiyarta na daɗewa da ɗumi. Sai an raba a faranti marasa zurfi.

Ana cewa wannan karatun masu firji ne. A'a, mu da ba mu da shi ko wuta ke yanke mana, agogo kaɗai ya rage mana. Mu ɗora girki sau biyu, na rana daban, na yamma daban. Abin da zai jira baƙo kuwa ya zauna kan garwashi yana turiri har a zuba.

Allah ya raya abin da aka samu, ya ba mu lafiya.