Kalmar sirrin Windows ba ta kare komai a cikin VM ɗinka

1/ Masu ajiye bayanan mutane a cikin VirtualBox, ku matso kusa. Ra'ayina: duk VM ɗin da faifansa ba a kulle yake ba, buɗaɗɗe ne, komai tsawon kalmar sirrin da ka sa wa Windows ɗin cikinsa. Ku biyo ni.

2/ Kwamfutarka ta zahiri ita ce mai masauki, VM ɗin da ke cikinta shi ne baƙo. Faifan baƙon nan ba ƙarfe ba ne, fayil ne kawai mai ƙarewa da .vdi ko .vmdk, yana zaune a cikin folda kamar sauran fayiloli. Duk wanda ya kwafe shi ya kwafi kwamfutar baƙon sukutum.

3/ A ce kana riƙe da lissafin wani ƙaramin asibiti a VM: sunayen marasa lafiya, lambobin waya, sakamakon gwaji. Laftof ta lalace, ka kai wa mai gyara. Ya tura .vdi ɗin a filashi, ya buɗe da 7-Zip, ga foldoji nan reras. Windows ɗin bai ma tashi ba balle ya tambayi kalmar sirri.

4/ Maganin shi ne inkirifshan, wato a hargitsa abin da ke cikin faifan yadda sai mai makulli zai karanta. Ka sa Extension Pack, ka kashe VM ɗin, sannan:

```
VBoxManage encryptmedium asibiti.vdi --newpassword - --cipher AES-XTS256-PLAIN64 --newpasswordid asibiti
```

Zai nemi kalmar sirri, kuma daga yau duk tashin baƙon sai an shigar da ita.

5/ Kar ka yarda da baki, gwada. Sake buɗe .vdi ɗin da 7-Zip. In har yanzu kana ganin Users da Program Files, aikin bai yi ba, ko kuma akwai faifai na biyu da ka manta ba ka kulle ba.

6/ To a nan mutane ke sakin jiki, kuma a nan nake da ja. Kullen yana aiki ne lokacin da baƙo ke kashe. Muddin yana kunne, makullin na cikin RAM ɗin mai masauki. Wanda ya mallaki mai masaukin, ko mutum ne ko muguwar manhaja, ya mallaki baƙon.

7/ Ga kuma ɗabi'ar da ta fi ba ni tsoro: danna "Save the machine state" don gobe a ci gaba daga inda aka tsaya. Wannan yana juye abin da ke RAM ɗin baƙo cikin fayil mai .sav, kuma kullen faifai bai shafe shi ba. Takardar da ka bari a buɗe tana iya kasancewa a ciki.

8/ Saboda haka VM mai bayanan mutane a kashe shi gaba ɗaya. In dole sai ka ajiye shi a haka, tun fitowar VirtualBox 7.0 a 2022 akwai `VBoxManage encryptvm`, wanda ke kulle har da .sav da fayil ɗin saiti.

9/ Wani ramin kuma: "Export Appliance". In ka fitar da VM zuwa .ova don ka tura wa abokin aiki, faifan yana fita ne a buɗe, domin tsarin OVF bai san wannan kullen ba. Ka kulle ƙofa ka miƙa kayan ta taga kenan.

10/ Wani zai ce in na rasa makulli fa? Wannan tsoron gaskiya ne. Ainihin makullin yana cikin fayil ɗin .vbox, kalmar sirrinka kuma ita ke buɗe shi. In ka adana .vdi kaɗai, .vbox ya ɓata, bayanan sun tafi ko kana tuna kalmar. Ka riƙa adana su biyun tare, kalmar sirrin kuma a wani wuri daban.

11/ Masu cewa zai rage gudu, yawancin furosesa na yanzu suna da AES-NI, wato an gina musu wannan lissafin a jiki. A aikin ofis da kyar za ka ji bambanci.

12/ Saura abu ɗaya. Tsofaffin kwafi na .vdi da ka goge kafin ka kulle suna iya barin ɓurɓushi a faifan laftof ɗin. Shi ya sa mai masaukin ma sai an kulle shi: BitLocker a Windows, LUKS a Linux, FileVault a Mac.

13/ Bayanan marasa lafiyar nan amana ce aka ba ka, ba su san ma akwai wani abu wai shi .vdi ba. Yau da dare ka buɗe naka da 7-Zip. In ka ga foldojinka, mai gyara ma haka zai gan su.