Mayar da madara mai tsami daidai ne, amma a yi awon a gaban mai ita

Idan wurin tattara madara ya mayar wa makiyayi da bido, yakan ɗauka raini ne, tunda ya ɗanɗana bai ji tsami ba. A ganina mai awo ke da gaskiya, domin harshe ba ya jin tsami sai abu ya yi nisa.

Awon ba shi da wuya. Ana zuba mililita 10 na madara a ƙaramin kofin gilashi, a ɗiga mata ɗigo biyu ko uku na fenolftalin, sannan a riƙa ɗiga ruwan soda na Dornik (NaOH N/9) ana kaɗawa, har ta yi jaja-jaja kaɗan kuma launin ya tsaya. Kowane kashi ɗaya cikin goma na mililita da aka zuba digiri ɗaya ne. Madarar da ta sha mililita 1,7 tana da digiri 17. Wadda ta sha 2,3 ta kai 23.

Madarar saniya lafiyayya da aka tatsa yanzu tana tsakanin 15 da 18, kuma wannan tsamin halittarta ne. Abin da ya hau kansa yawanci aikin ƙwayoyin cuta ne da ke cin zaƙin madara suna mayar da shi tsami, kuma zafin watan Afrilu a bayan babur yana ƙara musu sauri. Wajen digiri 26 madara na tsinkewa idan aka tafasa ta. Shi ya sa masana'anta ke sa iyakarta ƙasa da haka sosai: dafawa ce aikinta na farko, kuma ba ta son tukunya guda ta lalace a kan wuta.

Wani zai ce bido ɗaya me zai ɓata? A zuba lita 20 mai digiri 30 cikin lita 200 mai digiri 17, awo zai nuna 18 da ɗan kai kawai. Amma an riga an sa wa tankin iri, kamar yadda mace ke zuba tsohon nono a sabuwar madara don ta kwana ta kama. Masu jefa kanwa kuma lambar kaɗai suke saukarwa, ƙwayoyin na nan.

Inda nake goyon bayan makiyayi shi ne kan sodar kanta. Idan ana barin kwalbarta a buɗe, iska na rage mata ƙarfi, sai a zuba da yawa kafin launi ya fito, madara mai kyau ta fito da lambar marar kyau. Alamar ita ce a wayi gari madarar kowa ta hau tare, har da ta garken da ke bayan gari. Ranar da aka ga haka, a gwada da sabuwar kwalba kafin a mayar da kowa. A kuma auna kowane bido daban, mai shi na tsaye, a nuna masa lambar, a tambaye shi ƙarfe nawa aka yi tatsa, kuma ko an haɗa ta daren jiya da ta safe.