Rana Biyu A Kai Ɗaya

Kai mai gyaran hoto, aikin nan da kake miƙa wa masu shagon kitso da masu aski bai yi ba, kuma ba laifin kwamfuta ba ne. Kana ɓata awanni wajen yanke gashi sili-sili, ka daidaita shi da goshi, sannan ka bar fuska tana shan haske daga hagu, gashi yana sha daga dama. Ko wanda bai taɓa buɗe Photoshop ba zai ce hoton nan da wani abu, don ido ya saba da rana ɗaya tak. Wannan ganganci ne, domin binciken da zai hana shi bai kai minti biyu ba.

Ga misali. An kawo maka hoton wata mata da aka ɗauka kusa da taga, ana so ka ɗora mata kalaba. Kafin ka je neman gashi, ƙara girman hoton ka leƙa ƙwayar idonta. Akwai ɗigon haske a ciki. Ka ɗauki ƙwayar idon a matsayin agogo: in ɗigon yana wajen ƙarfe 10, hasken daga sama ta hagunka yake zuwa. Inuwar hanci za ta tabbatar maka, don za ka gan ta kwance ta dama, ta ɗan yi ƙasa. Haka ta ƙarƙashin haɓa. Sai ka duba bakin inuwar. Hasken taga yana ba da inuwa mai narkewa a hankali, rana tsaka da filasha tsirara kuwa suna yanke ta kaifi.

Yanzu dubi kalabar da ka samo. Kowane silin kitso yana da gefen da ke sheƙi da gefen da ke duhu, saboda haka kitso ya fi kowane gashi saurin tona asiri: kuskure ɗaya zai maimaitu a kowane sili. In sheƙin yana dama alhali fuskar tana son hagu, juya leyar da Edit > Transform > Flip Horizontal. Amma juyawa hagu da dama kawai take gyarawa. In an ɗauki gashin da filasha daga gaba, ko da rana a tsakar ka, juyawa ba za ta yi maka komai ba. Ajiye shi ka nemi wani. Na fi ganin taurin kai a nan, mutum ya nace wa gashin da bai dace ba don kawai ya riga ya sha wahalar yanke shi.

Ko ya dace, da sauran aiki. Ɗora Curves a kan leyar gashin, ka ɗaure shi da Create Clipping Mask don kada ya taɓa fuska, ka rage hasken gefen dama har duhunsa ya yi daidai da na kuncin da ke wajen. Launi ma haka: fuska mai ja-ja ta hasken yamma ba ta zama da gashi mai sheƙin shuɗi-shuɗi.

Babban laifinka dai shi ne inuwar da ba ka sakawa. Gashi na gaske yana jefa inuwa a kan fata, naka kuwa yana zaune kamar an kifa ƙwarya. Buɗe sabuwar leya tsakanin fuska da gashi, ka mai da ita Multiply. Kada ka ɗauki baƙi wuluk, yana mai da fata toka-toka. Tsinci launin daga inuwar ƙarƙashin haɓarta, ka yi amfani da buroshi mai laushi, Flow bai wuce 5% ba, kana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Inuwa iri biyu za ka yi. Ta farko siririya ce mai duhu, daidai inda gashi ya taɓa fata, a bakin goshi da bayan kunne. Ta biyu ita ce wadda silin ke jefawa, kuma tunda haske daga hagu ta sama yake, dole ta faɗi ta dama, ƙasa-ƙasa, daidai da yadda ta hanci ta kwanta. Silin da ya kwanta a kunci inuwarsa tana manne da shi. Wanda ya yi nesa da wuya, tasa ta fi faɗi, ta fi dishi-dishi. Ka daina danna Drop Shadow kana cewa ka gama. Shi nisa ɗaya yake ba inuwa ko'ina, bai san goshi yana da tudu ba, bai san wuya yana can ciki ba.

Kafin ka miƙa aiki, ɗora Black & White a saman komai, ka rage hoton ya koma ɗan ƙarami. In gefen gashi mai haske da gefen fuska mai haske ba wuri ɗaya suke ba, koma ka gyara, kada ka karɓi kuɗin kowa tukuna.