Wasiƙa zuwa ga malaman Turanci: kunne ba ya raba their, there da they're



Na rubuto ne a kan kalmomi uku da ke shanye mana jan biro kullum: their, there da they're. Da yawanmu idan yaro ya rikita su, sai mu sake ba shi shifta, muna jan murya wai don ya ji bambancin. Wahalar banza ce, domin a bakin mafi yawan Turawa ma lafazinsu ɗaya ne. Abin da ya raba su shi ne asalinsu da aikin kowace a cikin jimla, kuma abin da rubutu yake adanawa ke nan.

Kowace da hanyar da ta biyo. There tsohuwar kalmar Ingilishi ce, danginta su ne here da where, duk masu nuna wuri, shi ya sa ƙarshensu iri ɗaya ne. Their kuwa baƙuwa ce. Mutanen Sikandinabiya da suka zauna a arewaci da gabashin Ingila tun ƙarni na 9 su suka kawo ta tare da they da them. A hankali ta gangara kudu, don ko mawaƙi Chaucer, wanda ya rasu a 1400, yana rubuta they amma bai ɗauki their ta zama tasa ba. Ita kuma they're kalmomi biyu ne, they da are, aka haɗe su, ɗan waƙafin da ke sama yana tsaye a gurbin harafin a da aka cire.

To me ya hana a daidaita rubutunsu tunda lafazi ya haɗu? William Caxton ya kafa injin buga littattafai a Westminster a 1476, daga nan rubutu ya fara tsayawa wuri ɗaya, ƙamusun Samuel Johnson na 1755 ya ƙara ɗaure shi. Baki ya ci gaba da sauyawa, takarda ta tsaya. Wannan ya amfani mai karatu, wanda ba ya jin muryar marubuci: da ganin their ya san suna na tafe, da ganin they're ya san za a faɗi halin wasu ko abin da suke yi.

Ɗalibanmu sun san kishiyar wannan matsala. A rubutun boko, gari na mutane da gari na tuwo siffarsu ɗaya, baki ne ke raba su. A Turanci abin ya juya, baki ya haɗa, alƙalami ya raba. Ku fara darasi da wannan.

Sai ku rubuta wannan jimla a allo, ku bar gurbi uku: ___ keeping ___ goats ___. Ku ce yaro ya faɗi ma'anar da Hausa: suna ajiye awakinsu a can. Hausa ta riga ta warware komai. Inda ya ce "suna", they're ce. Inda ya ce "awakinsu", their ce. Inda ya ce "can", there ce. Bayan haka ku koya masa gwaji uku da zai yi shi kaɗai a ɗakin jarrabawa. Ya saka they are a gurbin, in jimla ta zauna, they're ake so. Ya saka our, in ta zauna, their ake so. In duka biyun sun ƙi, there ce, ko mai nuna wuri ko mai ma'anar "akwai", kamar a there is water.

Ku lura da irin kuskuren, domin shi ke nuna inda ciwon yake. Yaron da ya rubuta they're goats ba sakaci ya yi ba. Mun koya masa cewa ɗan waƙafin sama na nuna mallaka, kamar a Musa's goats, sai ya ɗauki ƙa'idar ya kai ta inda ba ta aiki. Ku gaya masa ƙarara cewa wakilan suna na mallaka ba sa ɗaukar wannan alama, kuma nan ne its da it's, da your da you're, suka rabu. Wanda ya rubuta thier kuwa ya san aikin kalmar, jerin haruffa ya kuɓuce masa. Ku nuna masa cewa duka ukun da the suke farawa.

Kada kuma ku bar yara su jingina da waya ko kwamfuta. Kowace cikin ukun kalma ce sahihiya, saboda haka sau da yawa jan layi ba ya fitowa ko da an saka ta a gurbin 'yar'uwarta.

Roƙona gare ku shi ne ku daina ba da waɗannan kalmomi a shifta su kaɗai. Ku saka kowace cikin cikakkiyar jimla, kuma kafin ku ba yaro maki, ku tambaye shi dalilin da ya sa ya zaɓi wadda ya zaɓa.

Allah ya ƙara mana basira.

Wassalam,
Ɗan'uwanku a aikin koyarwa